Kalandar Waya Ta Ce Alhamis, Ashe An Yi Taro Tun Laraba

A wannan makon za mu fara ne da amsa laifinmu, domin kuskuren da za mu ba ku labarinsa da hannunmu muka yi shi.

A hutun da ya wuce muna gida, a ƙauyenmu da ke kusa da Ɗambatta, sai wata ƙungiya mai tallafa wa ɗalibai ta gayyaci ƙaninmu ɗan aji shida na sakandare zuwa ganawar tantancewa ta bidiyo. Gayyatar ta zo ta imel, ranar Alhamis ƙarfe 11:00 na safe. Ya buɗe, ya danna Yes, muka ga taron ya zauna a kalandar wayarsa. Ranar Alhamis ya kai wayar wajen mai caji tun da sassafe, ya sa data, ya tafi gindin darbejiyar da ke bakin gona inda sabis ya fi ƙarfi. Ya danna mahaɗin shiga taron, bai tarar da kowa ba. Ya dawo gida yana cewa, "Yaya, ko dai yaudara ce?"

Ba yaudara ba ce. Tun ranar Litinin masu taron suka dawo da shi Laraba, suka kuma aiko da sanarwa. Wayar ce ba ta karɓi canjin ba, kuma mu ne sanadi. Makonni kafin nan mun kashe mata daidaitawa ta kai tsaye don kada ta riƙa cinye masa data. Sai da ya rubuta takardar ban haƙuri, ya yi mako biyu cikin zullumi, kafin aka sake ba shi rana.

Ga yadda abin yake aiki. Taron da aka gayyace ku yana zaune a wuri uku: a kalandar wanda ya aiko, a rumbun Google inda asusunku yake, da kuma cikin wayarku. Na cikin waya kwafi ne kawai. Kamar ɗalibin da ya kwafi jadawalin jarrabawa daga allon sanarwa ne: idan aka sauya na allo, na cikin littafinsa ba zai sauya ba sai ya koma ya duba. Wannan komawa a duba ita ce daidaitawa, wadda waya ke rubutawa da sunan sync.

Saboda haka, idan kuna shakka, kada ku fara da taɓe-taɓen saiti. Ku buɗe Chrome, ku shiga calendar.google.com da asusun da aka aiko wa gayyatar. Idan shafin bai fito sosai ba, ku danna ɗigo ukun da ke sama ku zaɓi Desktop site. Abin da kuka gani a nan shi ne na allo, kuma shi zai nuna muku inda matsalar take.

Idan taron yana nan da sabon lokacinsa amma manhajar waya tana nuna tsohon, to wayar ce ba ta daidaita ba. Haka muka tarar a ta ƙaninmu: Chrome ya ce Laraba, manhaja ta ce Alhamis. Gyaran gaggawa shi ne ku kunna data, ku buɗe Google Calendar, ku danna layuka ukun da ke sama ta hagu, ku zaɓi Refresh. Gyara mai ɗorewa kuwa yana cikin Settings na wayar kanta. Ku nemi sashen Accounts, wanda sunansa kan ɗan bambanta daga waya zuwa waya, ku kunna Automatically sync app data. Sannan ku shiga asusunku na Google, ku danna Account sync, ku tabbatar Calendar da Gmail a kunne suke. Gmail ɗin yana da muhimmanci, domin saƙon canji mai taken Updated invitation ta nan yake zuwa. Na ƙaninmu yana can tun Litinin, wayar ba ta ɗauko shi ba. Ku kuma sani cewa Data Saver da Battery Saver kan hana manhajoji aiki a bayan fage, kuma a garuruwanmu da caji ke tsada kusan kullum a kunne muke barinsu.

Idan kuwa ko a Chrome ɗin babu taron, to mai yiwuwa bai taɓa shiga asusunku ba. Abu na farko da za ku duba shi ne asusun kansa. Da yawanmu imel biyu gare mu: wanda aka buɗe mana a shagon kwamfuta lokacin rajistar JAMB, da wanda yaya ko baba ya sa a waya ranar da aka saye ta. Gayyata ta tafi na farko, kalandar waya kuma tana kallon na biyu. Ku duba adireshin da aka aiko wa saƙon, ku ƙara wannan asusun a wayar, sannan ku tabbatar akwatin da ke gefen kalandarsa a cikin manhajar yana da alamar maki.

Abu na biyu wani saiti ne a cikin Google Calendar: Settings, sai General, sai Adding invitations, sai Add invitations to my calendar. Zaɓi uku ne a wurin. From everyone yana sa kowace gayyata ta shiga kalanda da kanta. Only if the sender is known yana shigar da ta wanda wayar ta sani ne kawai, misali wanda ke cikin jerin mutanenku ko wanda kuka taɓa mu'amala da shi. When I respond to the invitation in email kuma ba ya shigar da komai sai kun amsa. Ƙungiyar da ta rubuto muku karo na farko baƙuwa ce, don haka a zaɓi biyun ƙarshe gayyatarta za ta tsaya a imel har sai kun buɗe kun danna Yes. Ba mu ba ku shawarar komawa From everyone ba, domin 'yan damfara ma suna aika gayyatar ƙarya mai ɗauke da mahaɗi. Gara ku ajiye adireshin makaranta ko ƙungiyar a jerin mutanenku.

Akwai tarko ɗaya da ya rage. Gayyata takan zo da ƙaramin fayil mai ƙarewa da .ics. Idan aboki ya turo muku shi ta WhatsApp kuka buɗe, taron zai shiga kalandarku, amma sunanku ba ya cikin jerin waɗanda aka gayyata. In an ɗage taron ko an soke, babu sanarwar da za ta iso gare ku, komai kyawun saitinku. Maganinsa shi ne ku roƙi mai shirya taron ya saka imel ɗinku kai tsaye.

Tun daga ranar, dokar gidanmu ita ce: duk wanda ke jiran ganawa, kowace yamma zai kunna data na minti biyu, ya danna Refresh, ya leƙa Gmail. Ƙaninmu ya yi tasa ganawar, yanzu sakamako muke jira. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.