Saƙon Waya Ba Kuɗi Ba Ne: Kada Sa Ya Hau Mota Sai Mun Duba Asusunmu

Da yawanmu mun tuna lokacin da mutum zai sayar da shanu a Yawunde ko Duwala, ya ɗaura kuɗin a ƙugu, ya kamo hanyar Banyo zuciyarsa na dukan uku-uku saboda zargina. Da kamfanin MTN ya kawo asusun waya a Kamaru a shekarar 2010, Orange kuma ya biyo baya a 2011, sai muka ce alhamdu lillahi, an huta. To, an huta da ɗan fashin daji, amma ɓarawon zaune ya shigo, shi kuwa ba ya riƙe bindiga, saƙo kawai yake rubutawa.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: saƙon da ya shigo waya labari ne, ba kuɗi ba. Hoton rasit ma labari ne. Kuɗi shi ne abin da mai shanu ya buɗe asusunsa da hannunsa ya gani.

Ga abin da ya faru da ɗaya daga cikinmu, ba za mu ambaci suna ba. Wani mai saye daga kudu, wanda aka taɓa ciniki da shi sau biyu lafiya lau, ya turo yaronsa tike ya zaɓi bijimai 10, aka sallama a kan sefa 400,000 kowanne, jimla miliyan 4. Ya turo kafin alƙalami miliyan 1, kuɗi na gaskiya, aka cire aka ƙirga. Saura miliyan 3. Da yake asusun waya yana da iyakar abin da ake turawa, sai ya ce zai biya kashi shida, 500,000 kowane kashi. Ranar lodi da la'asar saƙonni suka fara shigowa, direba yana ta matsawa wai dare zai yi masa a hanyar Fumban. Ɗan'uwanmu ya ƙirga saƙo shida cif, ya ce a ja mota. Washegari da ya je wurin mai cire kuɗi, miliyan 2 ya tarar. Saƙo huɗu na gaskiya ne, biyu kuwa da hannu aka rubuta su. Miliyan 1 ta tafi, wato bijimi biyu da rabi, lambar mai saye kuma a kashe.

Da ya natsu, alama biyu suna nan a fili. Ta farko, saƙonnin gaskiya sun zo da sunan kamfani, na ƙarya kuwa daga lambar mutum suka fito. Ta biyu ta fi ƙarfi. A saƙon gaskiya akwai inda ake rubuta Nouveau solde, wato abin da asusu ya koma bayan kuɗin sun shiga. Macuci bai san abin da ke cikin asusunka ba, sai dai ya yi ƙiyasi, don haka lissafinsa ba ya hawa daidai. In kana da 60,000 aka turo 500,000, dole ka ga 560,000, na gaba kuma 1,060,000. Duk inda tsanin nan ya karye, a tsaya.

Amma ko waɗannan alamu kada mu dogara da su kaɗai, domin akwai masu iya sa saƙon ƙarya ya fito da sunan kamfani. Abin da ba ya ƙarya shi ne ka buga da kanka: *126# ga mai MTN, #150# ga mai Orange, ka nemi ragowar kuɗinka. A duba kafin a fara biya, a rubuta a takarda, a sake dubawa bayan kashi na ƙarshe, a debe na farko daga na biyu. Aikin minti biyu ne. Wanda bai iya karatun boko ba ya sa ɗansa ko amintaccen yaronsa, amma ba yaron mai saye ba. Sannan mu riƙe wannan da kyau: karɓar kuɗi ba ya bukatar lambar sirri. In wani ya ce ka danna lambar sirrinka don kuɗi su shigo, to fita za su yi.

Ta ɓangaren banki ma haka abin yake. Takardar ordre de virement mai hatimi shaida ce cewa mutum ya nemi a tura, ba shaida ce cewa an tura ba. In asusunsa babu kuɗi, takardar ba ta fi ganyen ɗaure goro ba. Tsakanin banki da banki kuma kuɗi kan kwana ɗaya ko biyu na ranakun aiki, shi ya sa macuta suke son yammacin Juma'a: su ce sai Litinin za ka gani, kafin Litinin an yanka shanun an sayar da nama. Mu je banki ko mu nemi bayanin asusunmu, mu ga kuɗin sun zauna.

Masu kai dabbobi Gabon da Ikwatoriyal Gini ta Kye-Ossi, kuɗinmu ɗaya ne, kuma tun 2020 tsarin GIMACPAY ya haɗa bankuna da asusun waya na ƙasashen CEMAC shida. Nijeriya ba ta ciki. Don haka masu ciniki ta Gembu da tsaunin Mambila yawanci sai an bi ta hannun ɗan canji, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da ya tura kowa ga tiransifa. A nan hannu uku ne, kowane hannu ƙofa ce. Mai saye ya nuna maka alat a wayarsa bai wadatar ba. Sai ɗan canjin da kai ka zaɓa ya tabbatar naira ta shiga asusunsa, ya ba ka sefa ko ya ɗauki nauyi a gaban shaidu. Farashin canji kuma a yanke shi tare da kuɗin sa, kada naira ta faɗi a bar ka da asara.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce kasuwar shanu da amana aka gina ta, in ka tsare mota sai ka duba, babban mai saye zai ji ka tuhume shi, gobe ya koma wurin wani. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, in mutum ɗaya ne yake yi. Shi ya sa muke kira ga ƙungiya ta mai da shi doka a kan kowa, yadda dillali zai ce, “Alhaji, ba ni ba ne, ƙa'idar tike ce.” Mai gaskiya ba ya fushi da ƙirga. Ai ko a zamanin tsabar kuɗi, ba wanda ya taɓa jin haushi don an zauna a kan tabarma an ƙirga a gabansa. In kuma sabis ya ɗauke, mota ta kwana. Kuɗin ciyawa da na kwanan direba ba su kai ƙafar sa ɗaya ba.

Abu na ƙarshe, a rubuta. Malamanmu sun karantar da mu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kafin a fara turawa a rubuta sunan mai saye, da lambar da kuɗi za su fito, da yawan kashi, da wanda zai ɗauki kuɗin cirewa da harajin tura kuɗi da gwamnati ta sa tun Janairun 2022. In kuɗi suka fito da sunan wani dabam, a tsaya a tambaya, domin yana yiwuwa wani bawan Allah aka damfara aka ba shi lambarka, gobe jandarma su zo ƙofarka. Takardar nan da lambobin saƙonnin gaskiya su ne hujjarmu in an kai ga hukuma.

Muna roƙon shugabanni su sa wannan batu a taro mai zuwa. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.