Ra'ayinmu: Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi

Tun bayan da Gwamna Nasir Idris, wanda ya taɓa shugabantar ƙungiyarmu ta NUT a matakin ƙasa, ya sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 75,000 a watan Oktoban 2024, takardar albashin malami ta ƙara daraja a idon masu ba da rance. Dalilin a fili yake. Manomi da ɗan kasuwa samunsu yana hawa yana sauka, amma albashin malami yana shiga asusun da aka sani, inda hannun banki yake iya kaiwa. Saboda haka idan wani ya je neman rance a Jega ko Birnin Kebbi, sau da yawa akan ce masa ya kawo ma'aikacin gwamnati ya tsaya masa. A gari irin Kashin Zama kuwa, da sauran garuruwanmu na Aliero da Maiyama, ma'aikacin gwamnatin da ya fi kusa da kowa shi ne malamin makaranta.

Ba mu rubuta wannan don mu hana kowa taimakon ɗan'uwansa ba. Abin da muke cewa shi ne, malami yana da damar ya ƙi tsayawa garanto, kuma ƙin da aka yi da wuri, cikin gaskiya da mutunci, ya fi tsare abota a kan sa hannun da aka yi don jin kunya.

Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar garanto tamkar shaida, wato mutumin da ya ce ya san wane, mutumin kirki ne. Lamuni ya wuce nan nesa ba kusa ba. Mai shaida yana faɗin abin da ya sani ya koma gida. Mai lamuni kuwa ya ɗaura wa kansa bashin ne, ko da bai ga kwabo daga cikin kuɗin ba. Waɗanda suka karanta Risala a zaure za su tuna cewa a fiƙihun Malikiyya mai lamuni biya yake yi, sai dai ba a tuhumarsa har sai wanda ake bi ya rasa abin biya ko ya ɓace. Takardar banki galibi ba ta da wannan sassauci. Yawancinsu suna ɗauke da sharaɗin da ya mayar da garanto kamar shi ne ya ci bashin, don haka banki yana iya fuskantarsa kai tsaye ba tare da ya fara kai abokin nasa kotu ko ya sayar da kayansa ba. Wasu takardun ma ba su tsaya ga adadin da aka karɓa ba, sun haɗa da kuɗin ruwa da tarar jinkiri da kuɗin lauya.

Akwai kuma abin da ya sauya a 'yan shekarun nan. Tun ranar 1 ga Agusta, 2020, Babban Bankin Nijeriya ya fara aiwatar da tsarin GSI, wanda ya ba banki damar bin lambar BVN ya cire kuɗin bashin da aka kasa biya daga asusun mutum a wasu bankuna. An yi tsarin ne domin wanda ya ci bashin, amma idan takardar da garanto ya sa wa hannu ta ƙunshi izinin taɓa asusunsa, sauya banki ba lalle ya cece shi ba. Haka nan bashin da ya lalace yana iya shiga rajistar hukumomin tattara bayanan masu bashi, har malami ya nemi rancen gyaran ɗakinsa a hana shi.

Bari mu buga misali da lissafi, domin aikinmu ne. A ce wani malami a Kashin Zama yana karɓar naira 90,000 a wata bayan an cire abin da ake cirewa. Abokinsa na ƙuruciya yana so ya sayi albasa a watan Maris, lokacin da take da araha, ya adana ta sai ta yi tsada wajen Oktoba. Ya sami inda za a ba shi naira 600,000 na shekara guda, da kuɗin ruwa kashi 4 cikin ɗari a kowane wata a kan uwar kuɗin. Kuɗin ruwan wata ɗaya ya kama naira 24,000, na shekara naira 288,000. Jimlar abin da zai biya ita ce naira 888,000, wato naira 74,000 duk wata.

A nan ne ya kamata malami ya yi tambaya guda: daga ina biyan watan Afrilu zai fito? Albasar tana ajiye, ba za ta kawo ko sisi ba sai bayan wata bakwai, alhali banki yana jiran kuɗinsa tun ƙarshen watan farko. Wannan ita ce babbar alamar rancen da zai ba da wahala, ko da mai neman ya fi kowa riƙon amana: lokacin biya ya riga lokacin samu. Mu ce abokin ya yi ta maza, ya sayar da raguna ya biya wata huɗu, naira 296,000. Sai damina ta kankama, laima ta shiga albasar, wani kaso mai yawa ya ruɓe, abin da duk mutumin Aliero ya san yana faruwa. Saura naira 592,000, ban da tara. Idan banki ya koma kan malami da kason nan na naira 74,000, abin da zai rage masa naira 16,000 ne a wata, har tsawon wata takwas. Idan aka tausaya masa aka mayar da cirewar naira 30,000, zai shafe kusan wata ashirin yana biyan albasar da bai ci ba.

To, ina abotar take a cikin waɗannan watanni ashirin? Wanda ya ci bashin zai fara sauya hanya idan ya hango malam, ya daina zuwa majalisar da suke zama, ba don mugunta ba sai don nauyin ido. Malam kuma duk ranar da albashi ya shigo a gutsure sai ransa ya sosu. Matan gidajen biyu su daina aika wa juna abinci, 'ya'ya su ji a jikinsu. Sa hannun da aka yi don kada zumunci ya ɓaci, shi ne ya kashe shi. Ƙin tsayawa yana iya jawo ɓacin ran mako guda ko biyu, wanda bai kai ko kusa da wannan ba.

Ma'aunin da muke ba 'yan ƙungiya shawara su riƙe mai sauƙi ne. Kafin ka amsa, ka ɗauka cewa kai ne za ka biya kuɗin gaba ɗaya. Idan za ka iya biya ba tare da tukunyar gidanka ta sauka ba, kuma ba tare da ka ƙullaci abokinka ba, to shawara taka ce. Idan ba za ka iya ba, amsarka ta riga ta fito, saura yadda za ka faɗe ta.

Yadda ake faɗa ɗin kuwa shi ne rabin aikin. Kuskuren da muka fi yi shi ne jan lokaci. Mu ce "bari in duba", mu ce "sai bayan Juma'a", mu daina ɗaukar waya, alhali mutumin ya riga ya gaya wa banki cewa ya sami garanto. Ranar da gaskiya ta fito, abin da zai ƙona masa rai shi ne yawon da aka yi masa da hankali. Kuskure na biyu shi ne ƙarya, kamar a ce an riga an tsaya wa wani ko ofis ya hana. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a garin da kowa ya san kowa. Na uku shi ne fakewa da iyali, a ce uwargida ce ta ƙi. Wannan ɗora wa baiwar Allah gabar da ba ta nema ba ne.

Abin da ya fi shi ne ka ba da amsa cikin kwana ɗaya ko biyu, ka taka da ƙafarka zuwa gidansa, ku keɓe daga idon jama'a. Bayan gaisuwa kana iya cewa: "Malam, na kwana da maganarka, kuma na gode da ka ga na isa ka zo gare ni. Ba na shakkar amanarka ko kaɗan. Amma na yi wa kaina ƙa'ida ba na tsayawa garanton bashi ga kowa, ko ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, domin albashin nan shi kaɗai iyalina suka dogara da shi. Idan ƙaddara ta faɗa, ba zan iya biya ba, kuma ba na son ranar da za mu ji nauyin haɗa ido." Ka lura, maganar ta tsaya a kan iyakar ƙarfinka, ba ta taɓa halinsa ko sana'arsa ba. Sai dai ƙa'idar ta zama ta gaske. Wanda ya ƙi wane yau, gobe ya tsaya wa wani mai hannu da shuni, ya rushe hujjarsa da kansa.

Kada kuma ka tafi hannu rabbana. Ka zo da abin da za ka iya rasawa ba tare da ka yi kuka ba. Malamin misalinmu yana iya ba da naira 30,000 kyauta, ko rance marar ruwa da za a biya bayan an sayar da albasa. Yana iya bar wa abokin nasa kwasarsa ta adashi ta wannan wata, shi ya koma baya. Yana iya zama da shi su bi takardar bankin layi-layi, ya nuna masa cewa naira 600,000 za ta koma naira 888,000, su duba ko buhunan da zai iya saya da kuɗin hannunsa ba su fi masa kwanciyar hankali ba. Sau da yawa wannan lissafin ya fi sa hannu amfani. Abin da ba za ka bayar ba, ko da sunan rage masa zafi, shi ne takardar albashinka, ko katin cirar kuɗinka, ko sa hannu a takardar da ba a cike ba, domin wannan lamuni ne ta bayan gida.

Bayan haka sai riƙon sirri. Maganar ta mutu a inda aka yi ta, kada ta isa ofishin malamai ko majalisar dare. Kuma kai ne za ka fara komawa gare shi, tun da shi ne ya tashi da nauyi a zuciya. Ka leƙa shi a cikin makon, ka halarci sunansa da jana'izar danginsa kamar yadda ka saba. Zumunta a ƙafa take. Idan ya ɗan ja baya, ka ba shi lokaci, kada ka rama.

Muna kuma da magana ga junanmu, domin yau kai ake roƙo, gobe kai ne mai roƙon. Idan abokin aiki ya ce ba zai iya tsaya maka ba, kada ka mayar da shi maƙiyi, kada ka yi masa habaici a gaban jama'a. Muna roƙon shugabannin makarantu musamman da su guji neman lamuni daga malaman da ke ƙarƙashinsu, domin ƙaramin malami ba ya iya ce wa hedimasta a'a da sakin jiki. Duk ɗan ƙungiyar da aka miƙa wa takardar garanto kuma, ya kawo ta ofishin reshe mu karanta ta tare kafin ya ɗora alƙalami. Allah ya rufa mana asiri, ya bar mu da masoyanmu.