Lissafin kanti: daga hoton takardar ɗan sari zuwa jadawali a waya

Da yawa cikinmu da suka ɗauki rance a asusu suka buɗe ɗan kanti a zaure, daga Damagaram suke sarin kaya, galibi a Kasuwar Dole. Manyan ƴan sari yanzu suna buga takardar farashi, su miƙo wa mutum ko su turo hotonta ta WhatsApp. A wannan fitowar za mu bi hanyar da ake maida hoton nan jadawalin lissafi, abin da ƴan lekol ke ce wa tabulo, mai fitar da kuɗin guda da kansa. Za mu yi misali da takarda mai kaya talatin. Farashin da za ku gani na misali ne, kada wata ta je ta riƙe ɗan sari da shi.

Rabin aikin a wurin ɗaukar hoto yake. A shimfiɗa takardar a kan faranti ko benci, a danne gefenta, a inuwa mai haske, ba cikin tsakar rana ba, kuma ba da fitilar waya ba, don ƙyalli yana cinye lambobi. A goge idon kyamara da bakin zane, balle lokacin hunturu da ƙura ba ta barin komai. Wayar ta tsaya daidai saman takardar kamar murfi a kan kwano. In ta karkata, layuka na gangarewa, farashin sukari ya koma gaban madara. In rubutun ƙanana ne, a ɗauki rabin shafi, sannan ɗaya rabin. Wadda kuma aka turo wa hoto ya zo dishi-dishi, ta roƙi Alhaji ya sake turowa ta Document, domin WhatsApp yana rage kyan hoto in an tura shi ta hanyar da aka saba.

Abu biyu muke aiki da su, duka kyauta ne: Google Lens, mai karanta rubutun cikin hoto, da Google Sheets, inda jadawalin yake zama. Lens yana son rezo lokacin karatun, don haka a yi shi inda waya ke kamawa sosai. Sai dai a san halinsa. Yana gane harufa, amma bai damu da layukan da suka raba suna da farashi ba. In aka ce ya kwafe shafin gaba ɗaya, sai ya zubo komai a cakuɗe. Dabararmu ita ce a ba shi sahu ɗaya ɗaya. A yanke hoton ya rage sahun farashi kaɗai, daga sama har ƙasa, a buɗe shi da Lens, a zaɓi rubutun, a kwafe. A je sabon jadawali wanda ba komai cikinsa, a taɓa gidan D2, a manna. A kula, a kan gidan ake mannawa, ba cikin layin rubutu da ke ƙasa ba, in ba haka ba duka talatin ɗin su cushe a gida ɗaya.

Me ya sa farashi ne farko, ba suna ba? Saboda wankin da za a yi masa. Ɗan sari yana rubuta jika bakwai da rabi kamar 7.500 F ko 7 500 F. Idonmu ya san kuɗi ne, amma jadawali yana ɗaukar shi rubutu kamar sunan mutum, ba ya raba shi, ba ya tara shi. Ana ganewa da ido: lamba ta gaskiya tana jingina a hannun dama na gidanta, rubutu kuwa a hagu. Wankin ana yin shi da Rechercher et remplacer, ko Find and replace in wayar tana Turanci, a ƙarƙashin ɗigo ukun nan na sama. A nemi ɗigo, a bar gurbin maye wayam, a maye duka. Haka za a yi wa tazara, sannan harafin F a ƙarshe. Da an riga an manna sunaye, da wankin ya bi ta kansu, Farine ya koma arine.

Kada a fara da cire F. A wayar da aka saita da Turanci, ɗigo yana nufin ɓangaren lamba, ba dubu ba. Da zarar F ta tafi ɗigo na nan, 7.500 zai iya komawa 7.5, sefa bakwai da rabi. In takardar tun asali ba ta da F, hakan na iya faruwa tun wurin mannawa. Duk katan ɗin da ya fito a ƙasa da sefa ɗari, wannan ne ya same shi, a sake rubuta shi da hannu. Wanda kuma ya ƙi komawa dama bayan wanki, a duba shi da kyau, galibi harafin O ne ya shiga maimakon sifiri, ko l maimakon 1.

Yanzu sai sunaye, su ma a yanke sahunsu, a manna a A2. A layi na farko a rubuta kanun: A suna, B girma, C guda nawa a katan, D kuɗin katan a sefa, E kuɗin mota, F kuɗin guda a sefa, G kuɗin guda a dala. B da C da hannu ake cika su, domin ɗan sari yakan haɗe su wuri guda, kamar Savon 48x200g. Wato sabulu a A, giram 200 a B, 48 a C. Sunayen kuwa mu muna maida su yadda muke faɗi a kanti, don yarinyar da aka bari tsaro ta gane.

A gidan F2 da G2 a rubuta waɗannan, sannan a kwafe su zuwa layi na 31:

```
=(D2+E2)/C2
=F2/5
```

Wata za ta ce sahun dala ƙari ne kawai. Ga dalilinsa. Takarda da sefa take magana, mu kuwa da dala muke ciniki, kowace dala sefa biyar. Mu ɗauki katan ɗin makaroni mai pake 20 a kan 7 500, mu ajiye kuɗin mota a gefe tukuna. Guda ya kama sefa 375, dala 75 ke nan, kuma kowace mai kanti ta riƙe wannan a ka. To a ce tawada ta yi rauni, Lens ya karanta 7 a matsayin 1, kuɗin ya zama 1 500. A raba da 20, me zai fito? 75. Ido ya ga lambar da ya sani, hankali ya kwanta, alhali sefa 75 ce, dala sha biyar. Sahun G ne kaɗai zai tona asiri, don ba wadda za ta ga makaroni a dala 15 ta yi shiru.

Wannan babban kuskure ne, shi ya sa yake da sauƙin kamawa. Wanda muka fi tsoro ƙaramin ne. Katan ɗin sabulu mai guda 48 a kan 9 600, sai 6 ta fito kamar sifiri, ya zama 9 000. Jadawali zai ce guda ya kama sefa 187 da rabi. Mai kanti ta ce to, dala arba'in zan sayar, sefa 200, ta lissafa ribar dala ɗari da ashirin a katan. Gaskiyar kuwa 9 600 a raba da 48 sefa 200 ce cif, ko ƙwandala ba ta ci ba. Sabulu na fita, kanti na cika da mutane, ranar biyan rance ta zo da abin da ƙungiya ta ɗora a kai, a buɗe gwangwani a ga uwar kuɗi kaɗai. Kuma lambar tana zaune a dama, tsaf da ita, ba alamar komai.

Don haka ba a fara aiki da jadawali sai an gwada shi sau uku. A wasu gidaje biyu da ba komai a rubuta waɗannan, kowanne a gidansa:

```
=NB(D2:D31)
=SOMME(D2:D31)
```

A wayar Turanci COUNT da SUM ne sunansu. Na farko yana ƙirga lambobi na gaskiya kaɗai. Takarda tana da kaya talatin, dole ya ce 30. In ya ce 28, ko dai biyu sun rage a rubutu, ko Lens ya tsallake su. Na biyu yana tara kuɗin duka. A ɗauki takardar ita kanta, ba hoton ba in da hali, a tara farashin da kalkuleta, a gwada. In bambancin ya fito 600, an san abin da ake nema, sai a bi layukan da suka ƙare da 600 a takarda.

Amma tarawa ba ta gane zamewar layi. Suna mai tsawo da ya ci layi biyu a takarda zai ci gida biyu a jadawali, daga nan duk sunayen ƙasa su sauka da taki ɗaya, ashana ta ɗauki kuɗin mai, jimla kuwa tana nan daidai. Maganinta gwaji na uku, wanda ba baƙo ba ne gare mu. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a Maradi a 1991, kuɗin akwati da baki ake ƙirga shi a gaban kowa. Haka nan ma: ɗaya ta riƙe takarda tana karanta suna da kuɗi da ƙarfi, ɗaya tana bin waya da yatsa. Kaya talatin ba su kai dahuwar shayi ba. A nan ne kuma ake kama inda Alhaji ya soke farashin da aka buga ya rubuta sabo da biro, don Lens yakan ɗauki tsohon ko ya haɗa su biyun.

Gaskiya, wadda kayanta ba su wuce goma ko sha biyar ba, ta rubuta farashin da hannu ya fi mata sauri, ta bar wa Lens sunaye kawai, ko ma ta bar shi gaba ɗaya. Wahalar nan tana biya ne a takarda mai tsawo.

Kuɗin mota na sahun E kowa ta san nata: abin da direba ya karɓa daga Damagaram zuwa Tirmini da na ɗan dako, a raba wa katan-katan. In makaroni ya ci sefa 250, guda ya tashi daga 375 zuwa 387 da rabi, kuma daga nan ake fara maganar riba. A sa wa jadawalin sunan ɗan sari da kwanan watan takardar. Ranar da sabuwa ta zo, a kwafe tsohon sahun D zuwa H kafin a taɓa komai, sannan a wanke sabon farashi a wani jadawali daban a kawo shi D, bayan an tabbata jerin kayan bai sauya ba. F da G za su gyara kansu. Wadda ke da takarda a hannu ta zo da ita taron asusu mai zuwa, da waya cike da caji, mu yi karatun baki tare bayan an rufe akwati.