"An wanke shi": zare kan Hausar da ba ta cikin ƙamus

1/ Jama'a, akwai wata magana da manya ke yawan jefa mana: "Wannan ba Hausa ba ce, babu ita a ƙamus." Ni kam ban yarda ba. Rashin kalma a ƙamus ba ya hana ta ma'ana, kuma akwai hanyar gano ma'anar ba tare da kame-kame ba. Ku biyo ni.

2/ Mu fara yi wa ƙamus adalci. Na Bargery ya fito a 1934, na Abraham a 1949, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006, na Paul Newman a 2007. Kowanne ya ci shekaru ana tattara shi. Ita kuwa sara, wata ma ba ta shekara biyu ake daina yayinta.

3/ Kuma yawancin sararmu ba sabuwar kalma ba ce. Tsohuwa ce aka ɗora wa sabon aiki. Nan matsalar take: za ka buɗe ƙamus ka ga kalmar, ka ɗauka ka gane, alhali ma'anar da ka karanta ba ita mai maganar yake nufi ba.

4/ Kalma ɗaya zan riƙe har ƙarshen zaren nan: wanke. A tsangayun Haɗeja ana wanke allo. A bakin kogi ana wanke kifi. Wannan ba gardama. Rigimar tana farawa ne idan mutum aka wanke.

5/ Duba waɗannan:
Kotu ta wanke shi.
Ta wanke shi da mari.
Sun wanke shi dubu talatin.
Na farko ya kuɓuta daga zargi. Na biyu ya sha duka. Na uku an yi masa wayo an karɓe kuɗinsa, kuma wannan ita ce ta bakin samari.

6/ To abu na farko: kar ka tsaya kan kalmar, dubi maƙwabtanta. Wa ya yi aikin, me ya biyo baya? In ka ji kotu, kwamiti ko "daga zargi", kuɓuta ce. In ka ji "da mari", an gama. In adadin kuɗi ne ko waya ya biyo baya kai tsaye, cuta ce.

7/ Amma wani lokacin maƙwabtan ba sa nan. A ce a wani zauren WhatsApp na 'yan unguwa an rubuta: "Ai wane ne ya wanke Alhajin nan jiya a kasuwar kifi." Shi ke nan, ba ƙari. Me wanen ya yi?

8/ Fassara biyu ce, kuma hannun riga suke. Ko dai an zargi Alhaji da wani abu, wane ya tsaya ya ba da shaida ya fitar da shi. Ko kuma ya sayar masa da kwalin banda, manya a sama, ƙanana da gutsattsari a ƙasa. A ɗaya mutumin kirki ne, a ɗayar macuci.

9/ Ka ga ba wasa ba ne. Wani ya ɗauki hoton hirar ya tura gaba, wanda bai san kan zancen ba ya zaɓi fassarar da ta yi masa. A garin da kowa ya san gidan kowa, sunan ɗan kasuwa shi ne jarinsa.

10/ Abu na biyu ke nan: karanta amsar da aka ba maganar. Masu sauraro sun riga ka fassara ta. In ka ga "Alhamdulillahi, gaskiya ta yi halinta", kuɓuta ce. In ka ga "Allah ya mayar da alheri", asara ce. In dariya ce da "ai dama gara ne", ba sai an faɗa ba.

11/ Ita ma gara ɗin nan abin lura ce. A ƙamus za ka ga gara mai cin itace, da garar amarya, da gara ta "gara haka". Ba wadda ta zauna a "ta samu gara". Daga yadda ake faɗa za ka gane: mutum ne mai sakin kuɗi da ake yi wa wayo bai ankara ba.

12/ Kar ka ce sai ka ƙirƙiro mata asali. Kowace majalisa akwai gwanin da zai rantse maka ya san inda kalma ta samo asali, gobe wani ya kawo nasa labarin daban. Ko da asalin gaskiya ne, ba shi ke nuna abin da ake nufi da ita yau ba.

13/ Abu na uku: musanya. In kana zaton wanke tana nufin damfara, cire ta ka sa damfara a duk jimlolin da ka ji. "Sun damfare shi dubu talatin" ta zauna. Amma saurara da kyau, akwai abin da ya canza.

14/ Damfara tana nuna mai laifi da yatsa. Wanke kuwa tana yi wa wanda aka cuta dariya, har da ɗan yaba wayon wanda ya yi. Shi ya sa za ka ji saurayi yana cika baki "na wanke shi", amma da wuya ya ce "na damfare shi".

15/ Wannan bambancin shi ne ainihin ma'anar, kuma shi ke ɓacewa in ka tambaya kai tsaye. Baba ya tambayi ɗansa mene ne wanke gara, yaro zai sunkuyar da kai ya ce "wasa ne kawai, Baba." Ba zai bayyana sauran ba, don kunya. Saurare ya fi tambaya.

16/ Nawa za ka saurara? Ni ƙa'idata, jimla biyar daga bakin aƙalla mutum uku da ba majalisarsu ɗaya ba. In duk daga abokai huɗu ka ji ta, wataƙila barkwancinsu ne na cikin gida, ba sarar gari ba.

17/ Ka kuma rubuta wa ya faɗa wa wa. "Shege!" tsakanin abokai a gidan kallon ƙwallo yabo ne ga wanda ya ci. Ka faɗa wa wanda ba sa'anka ba cikin fushi, zagi ne da ya taɓa iyayensa, yana iya kai ka gaban alƙali.

18/ Hanyar tana da iyaka. Abin da ka ji a TikTok daga Kano ba lallai haka ake faɗinsa a Guri ko Kirikasamma ba. Ɗalibi a Kafin Hausa da masunci a Baturiya za su iya faɗin kalma ɗaya, nauyinta ya bambanta. Sa wuri da shekara a jikin kowace jimla.

19/ Kuma in jimla ɗaya tak gare ka, ba maƙwabta, ba amsa, to ba ka da hujjar yanke wa kowa hukunci. Nemo farkon hirar kafin ka tura ta gaba.

20/ Ra'ayina: maimakon mu jira ƙamus, mu tara masa kayan aiki. Su Bargery ma daga bakin mutane suka kwaso. Ku ajiye min a ƙasa: kalma ɗaya, cikakkiyar jimlar da kuka ji ta a ciki, garin, da abin da aka amsa. Ban da sunan kowa, don Allah.