Waiwaye: Filin jirgin saman Berlin da kwamitin da ya shiga hurumin manaja

Ranar 8 ga Mayun 2012, saura ƙasa da wata guda a buɗe sabon filin jirgin sama na Berlin Brandenburg a Jamus, aka fito aka ce an ɗage bikin. Filin da aka fara ginawa a 2006 bai karɓi fasinja ba sai 31 ga Oktoban 2020, kuɗinsa kuma ya tashi daga kusan Yuro biliyan 2 zuwa sama da biliyan 6. An fi ɗora laifin kan na'urorin fitar da hayaƙi idan gobara ta tashi. Ni dai a ganina, ɓarnar ta faro ne daga rashin sanin wanda ke da ikon yanke wace shawara.

A tsarin gudanar da aiki da aka saba, ikon yanke shawara hawa uku ne. Mai ɗaukar nauyin aiki shi ke riƙe da dalilin yin aikin da kuɗinsa, shi kaɗai ke iya cewa a ci gaba ko a dakata. Kwamitin jagoranci yana amincewa da kowane zango, yana kuma yanke hukunci kan abin da ya fi ƙarfin manaja. Shi kuwa manaja, gudanar da aikin yau da kullum ne nasa, cikin iyakar da aka gindaya masa. Misali, a rubuta cewa jinkirin mako biyu ko ƙarin kashi 5 cikin 100 na kasafin zango yana hannunsa. Da zarar ya hango zai ƙetare wannan, dole ya kai magana sama tun kafin abin ya faru.

A Berlin, masu aikin uku ne: jihar Berlin da jihar Brandenburg kowacce da kashi 37, gwamnatin tarayya da kashi 26. Babu mutum guda da za a nuna a ce ga mai aikin. Kwamitin sa ido na kamfanin filin, wanda magajin garin Berlin na wancan lokacin Klaus Wowereit ke shugabanta, ya kasance cike da 'yan siyasa da jami'an gwamnati, ba masana manyan gine-gine ba.

A 2007 aka soke neman babban ɗan kwangila guda don gina ɗakin fasinjoji, saboda farashin da 'yan kwangila suka kawo ya zarce abin da aka ƙiyasta. Aka yanyanka aikin, kamfanin ya ɗauki nauyin haɗa kan 'yan kwangila masu yawa da kansa. Daga nan sauye-sauye suka yi ta shigowa ana tsakiyar gini, har faɗin ɗakin ya tashi daga kusan murabba'in mita 220,000 zuwa 340,000. Ƙara girman gini shawara ce ta sama, babu musu. Amma ikon amincewa da sauyi yana tafe da wajibi: duk wanda ya ce a ƙara, shi ne kuma zai matsar da ranar gamawa ya ƙara kuɗi. Idan aka ƙara aiki aka bar rana yadda take, an tura manaja ya zaɓi tsakanin faɗin gaskiya da kare kujerarsa. Barin kashi a ciki kuwa ba ya maganin yunwa.

Da ranar buɗewa ta matso na'urorin fitar da hayaƙin ba su kammala ba, sai shugabannin aikin suka kawo dabarar a zuba ɗaruruwan ma'aikata su riƙa buɗe ƙofofi da hannu idan wuta ta kama. Hukumar kula da gine-gine ta gundumar Dahme-Spreewald ba ta yarda ba. Nan ne iyakar da ta hau kan kowa: manaja, da kwamiti, da gwamnatocin da suka zuba kuɗi, babu mai ikon sassauta ƙa'idar kare rai. Ya kamata a ce tambayar da kwamitin ke yi a kowane zama ita ce, me hukumar ta ce a rubuce?

Abin da ya fi damuna shi ne matakin da ya biyo baya. A cikin watan na Mayu kwamitin ya sallami shugaban sashen gini, Manfred Körtgen, ya kuma raba gari da kamfanonin da suka zana ginin suke kula da shi. Cire manaja yana cikin ikon kwamiti. Amma korar masu zane ana tsakiyar rikici shawara ce ta fasaha da ke buƙatar a fara sanin wa zai karɓi ragamar, domin sun tafi da sanin yadda aka jera wayoyi da bututu. Aka sake sa ranar Maris 2013, aka mayar Oktoba, ita ma ta rushe, Wowereit ya sauka daga shugabancin kwamitin a Janairun 2013.

Mai karatu, idan kana cikin kwamitin wani aiki, ko na ginin asibiti ne ko na makarantar unguwa, ka nemi a kawo maka takardar da ta nuna adadin kuɗi da kwanakin da manaja zai iya yanke hukunci a kansu shi kaɗai, da sunan mutum guda mai ikon dakatar da aikin. In babu ita, ka sa a rubuta kafin a saki kuɗin zango na gaba.