Ba VPN ne ya yanke ka ba, ƙanena



Akwai wani yaro a unguwarmu, ƙane ne a wurina, ba zan faɗi sunansa ba. Aikinsa fassara: wani ofis a Dakar na ba shi hirarrakin da aka ɗauka da manoma da Hausa, shi kuma ya rubuta su da Faransanci. Ba albashi gare shi ba, in ya gama a biya shi. Sharaɗin ofishin ɗaya ne: ba a buɗe takardunsu sai ta VPN ɗinsu. Ga wanda bai sani ba, VPN kamar bututu ne rufaffe tsakanin ordinatarka da ofishin, duk abin da ya bi ta ciki ba mai leƙawa.

Ran wata Talata cikin bazara, ƙarfe huɗu na yamma, aka sa masa kira da matar da ke raba aikin. Maganar sabon kwantaragi za a yi. Ya yi wanka, ya sa riga mai kyau, ya kunna ɗan akwatin wifi da ke kan taga. Minti goma da fara magana, kuran ya ɗauke. Hoton matar ya daskare. Ya yi maza ya buɗe partaj na salularsa, ya koma. Tana cikin karanta masa kuɗin aikin, wuta ta dawo, ya ce alhamdu lillahi, sai ga hoto ya sake daskarewa. Bayan minti biyar wuta ta sake tafiya, kira ya sake yankewa. A karo na uku matar ta rubuto masa: "Za mu sake magana." Rabin aikin aka ba wani.

Da dare ya same ni yana huci. "Yaya, wannan VPN ɗin banza ne. Gobe zan sayi wani mai tsada."

Na ce masa ajiye kuɗinka. Ra'ayina ke nan, kuma shi ya sa na yi wannan rubutu: a garinmu yawanci ba VPN ke mutuwa ba, ƙasar da yake tsaye a kai ce ke zamewa.

Mu bi abin da ya faru daki-daki. Ordinatarsa na da batiri, ita ba ta mutu ba. Akwatin wifi kuwa ba shi da batiri, kuran na tafiya ya mutu. Da ya koma kan salula, adireshinsa na intanet ya canja. Wani irin VPN, musamman mai tafiya ta TCP, in adireshi ya canja sai ya rushe bututun ya sake ginawa daga farko, wani lokaci ma sai ya jira minti ɗaya ko biyu kafin ya yarda cewa tsohuwar hanya ta mutu. Yankewa ta ɗaya ke nan.

Ta biyu ita ce abin takaici, don dawowar wuta ce ta jawo ta. Akwatin ya farfaɗo, ordinatar ta ga tsohon wifinta, ta saki salular da kanta ta koma masa. Adireshi ya sake canjawa. Da wuta ta sake tafiya, aka maimaita. Sau uku ana canja masa hanya, shi yana zagin bututu.

Yaya za ka gane? Duk lokacin da ya yanke, kafin ka taɓa komai, dubi sunan wifin da ordinatarka ke kai. In ba shi ne na ɗazu ba, ka kama ɓarawonka. In shi ne, dubi salula: in alamar 4G ta koma H ko E, matsalar daga rezo take. Eriyoyin waya su ma da wuta suke aiki, in yankewar ta yi tsawo batirinsu na iya ƙarewa, jama'a su taru kan wadda ta rage. Mu na bakin iyaka muna da ƙari: wanda ke wajen Tinkim ya san yadda salula ke tsallakawa ta kama rezon Najeriya. Maganin wannan, a shiga saitin waya a zaɓi rezo da hannu.

Magani na farko, kada akwatin ya mutu. Juya cajarsa ka karanta. Da yawa an rubuta 12V 1A, wato ba ya cin abin da ya wuce wat 12. Ƙaramin batiri mai 12V 7Ah yana ɗauke da wat 84 na awa ɗaya. Ba a son a zuƙe irinsa fiye da rabi, saura 42. In akwatin na cin wat 10, ka samu awa huɗu. Ba gurup, ba man fetur. Akwai kuma 'yan ƙananan na'urori da ake sayarwa da sunan mini UPS, suna karɓar akwatin nan take in wuta ta tafi. Amma a kula: wani akwatin 9V ne ko 5V, in ka ba shi 12V ko ka juya wayoyin, ka ƙona shi. A kai wa mai gyara ya haɗa, ya sa fis.

Na biyu kyauta ne. Kafin kira, zaɓi hanya ɗaya ka tsaya a kanta. A ordinatar mai Faransanci, cire alamar da ke gaban "Se connecter automatiquement" a kan ɗaya wifin. Da ƙanena ya zauna kan salula tun yankewar farko, da sau ɗaya kawai zai ɓace.

Na uku, raba murya da bututu. Takardun ofis ne ke buƙatar VPN, ba muryarka ba. Yi kiran a salula, murya kawai ba hoto, ka bar ordinatar da VPN ɗinta. In bututu ya rushe, kana nan kana magana: "Madam, ba ni minti ɗaya, takardar na dawowa." Ka kuma tambayi mai kula da na'urorin ofishin ko suna da WireGuard ko IKEv2, don su an gina su ne su bi mutum in adireshinsa ya canja.

Na san wani zai ce, to ai wannan ɗora wa talaka nauyin da ba nasa ba ne, a gyara wuta mana. Gaskiyarka, kuma ba zan daina faɗa a rediyo ba. Yankinmu na Damagaram da Maraɗi ya daɗe yana dogara da layin da ya taso daga Katsina ya biyo Gazawa. Mun ga abin da hakan ke nufi a watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Wannan magana ce ta hukuma. Amma matar Dakar ba za ta jira a gama ta ba.

Inda na fi ganin laifin ƙanena shi ne kunya. Ya ɓoye mata cewa a Magariya yake, yana tsoron a raina shi. Da tun farko ya ce, "Garinmu ana ɗauke wuta, in na ɓace ga lambata, zan kira ki cikin minti biyu," da ta ɗauke shi mai tsari. Shiru ne ya sa ta ɗauke shi mara tabbas.

Ya karɓi rabin aikin da ya rage. Da kuɗin farko ya sayi batiri, yana nan kan taga kusa da akwatin. Jiya da la'asar wuta ta tafi, na wuce ƙofar gidansu, na jiyo shi yana ta Faransanci.