Ƙafa Inna Ta Shanye, Ba Zuciya Ba

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, na san wasu za su ce wannan yaro ba shi da ta-ido. To, sai a yi mini ahuwa, gama shirun da muke kira kunya ya daɗe yana cutar bayin Allah.

Ina da wata yaya, 'yar wan mahaifina, a wani ƙauye tsakanin Makarfi da Kudan. Tana da shekara uku shan inna ya kama ta, ƙafafunta biyu suka shanye. Da ta girma ta koyi ɗinki da keken hannu, har ya zamana rabin kayan sallar unguwarmu daga ɗakinta suke fitowa. Ƙannenta mata uku aka aurar a gabanta, ita ta ɗinka musu labule da zanen gado, amma ba wanda ya taɓa ce mata, “Ke fa?”

Tana da shekara ashirin da shida wani mai fataucin rake daga wajen Ikara ya ce yana so. Ina zaune a zaure ran da kawunsa ya kawo saƙon mahaifiyar yaron. Dalili uku ya kawo: wai gurguwa ba ta da sha'awa balle ta iya zaman aure, wai ba za ta iya haihuwa ba, in ma ta haihu wai guragu za ta zuba musu a gida. Ita kuwa tana bayan zana tana jin kome. Waɗannan dalilai nake so mu auna ɗaya bayan ɗaya.

Na farko. Ƙwayar cutar shan inna ta baki take shiga, galibi ta ruwa ko abincin da ƙazanta ta taɓa. In ta kai ga laka, jijiyoyin da ke ba tsoka umurnin motsi take lalatawa. Ba ta taɓa jijiyoyin da ke ɗauko jin taɓi da zafi da daɗi. Wanda ke musu ya mintsini shanyayyiyar ƙafar ya gani ko mai ita ba zai yi ƙara ba. Balaga da al'ada da sha'awa kuwa suna zuwa mata kamar kowace mace. Abin da ma'aurata irin waɗannan ke bukata bai wuce dabara da tattaunawa ba: wace kwanciya ce ba ta gajiyar da ita, ina za a tokara matashi. Wannan kuwa tsakaninsu ne, ba ruwan kawu. Ban ce duk naƙasa ɗaya ba ce. Wanda ya karya gadon baya a hatsarin mota yana iya rasa ji daga inda ya karye zuwa ƙasa, namiji ma ya sami rauni wajen kusantar iyalinsa. Amma shi ma likita yake bukata da matar da za ta fahimce shi, don son a rungume shi bai karye tare da ƙashin ba.

Na biyu, haihuwa. Shan inna ba ya taɓa mahaifa. Gaskiyar da ke cikin maganar kawun ɗaya ce tak: yarinyar da ta shanye tun tana ƙarama, ƙashin ƙugunta yakan tashi a karkace ko a matse. Maganin wannan shi ne awo da wuri, a duba ta, a yanke shawarar inda za ta haihu tun kafin naƙuda, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Wasu su haihu da kansu, wasu a yi musu aiki.

Na uku shi ya fi ba ni dariya mai ciwo. Ba a gadon shan inna, kamar yadda ba a gadon ƙyanda. Kamuwa ake yi, rigakafi ke tare shi, har aka tabbatar a 2020 cewa Nijeriya ta rabu da ainihin ƙwayarsa ta daji. Kuturta ma ƙwayar cuta ce, ana warkewa da maganin wata shida ko goma sha biyu, mai shakka ga cibiyar Saye nan kusa da Zariya. Akwai dai wasu nau'o'in kurumta da makanta da ke bin jini, amma abin gadon da ya fi addabar gidajenmu amosanin jini ne, shi kuwa masu ɗauke da shi da ƙafafunsu biyu suke yawo, ba mai hana su aure sai in an yi gwaji.

An sha fama, har sai da limamin garin ya sa baki. Ya tuna wa mutane Amru ɗan Jamuhu, sahabin nan mai ɗingishi, wanda yake da mata da 'ya'ya maza, ya yi shahada a Uhudu. Aka ɗaura aure. Ni na ɗauka an gama, ashe da saura.

Da ta sami ciki na raka ta awo wani asibiti. Gadon awon ya yi mata tsawo, sai aka ƙwala wa maza biyu kira daga waje su ɗaga ta, zanenta na zamewa, ƙofa a buɗe. Wata ma'aikaciya ta dube ta ta ce, “Ke ma? Wane marar tausayi ne ya yi miki wannan?” A hanyar komawa gida ba ta ce uffan ba sai da muka kusa, sannan ta ce, “Ƙanena, da ba don abin da ke cikina ba, ba zan sake taka wurin nan ba.” Ku duba fa, matar aure ce da cikin sunna. Yaya ke nan kurmar da za ta faɗi ciwon mararta ta bakin ƙaninta, don ba mai jin maganar hannu? Yaya makauniyar da ake karanta sakamakon gwajinta da ƙarfi a gaban ɗan jagora?

Mu da muke tutiya da kunya, me ya sa kunyarmu ke ƙarewa a ƙofar ɗakin naƙasasshe? A Suratun Nur an umurci har yaran gida su nemi izini a lokuta uku: kafin asuba, da tsakar rana, da bayan lisha. Ba a ce ban da ɗakin gurgu ba. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ita ma tana nan. Amma gado mai sauka ƙasa, da labule, da mace ta ɗaga mace, da yin sallama kafin a shiga, ba sai an jira Abuja ba.

Ga kuma inda camfin yake zubar da jini. Tun da mun yanke cewa yarinyar nan ba mace ba ce, ba wanda ke zaunar da ita ya koya mata al'ada da tsarki, da inda bai halatta kowa ya taɓa ta ba. Mugu kuwa bai yarda da camfinmu ba, ya san mace ce. Ya kuma san ba ta iya gudu, in bebiya ce ba ta iya faɗa, in ta faɗa a ce wa zai kula ta. Ran da ciki ya bayyana sai a yi sauri a bayar da ita sadaka ga wanda ba ta zaɓa ba, alhali shari'a ta ce a nemi yardarta. Watau mun hana ta da rana, mun sallama ta da dare.

Yayata dai aiki aka yi mata, ta sami ɗa namiji. Yanzu in ya sheƙa cikin gonar rake ba mai kamo shi, kakar tasa da ta ƙi auren ita ke binsa tana haki.

Saura mu masu nazarin Hausa. Muna da kalmomin sakaya zance: kwanciyar aure, sunna, sutura, biyan bukata. Da su ake iya koya wa kowace yarinya abin da ya kamata ba tare da batsa ba, har da maganar hannu. In kun je hutu, ku dubi gidajenku. In akwai wadda aka tsallake, a sa wata babba ta shiga, da sallama, ta ja labule, ta tambaye ta, “Ke fa?” Allah ya sa mu gane.